Na rage farashi, sai aka fara zargin kayana

Malam, barka da aiki. Shekara shida ke nan ina sayar da katifu. Watan jiya na samu hanyar yin sari kai tsaye daga masana'anta, na daina bi ta hannun dillali, sai na sauke farashin katifar da aka fi saye daga 80,000 zuwa 68,000. Ita ce dai ta da, inci 8, garantin shekara 3. Na buga fasta ja da rawaya na rubuta "ARAHA TA ZO! KATIFA A FARASHIN BANZA! KU HANZARTA!" Tun da na manna ta, duk wanda ya shigo tambayarsa ɗaya: jabu ce ko kwantai ta yi? Wata da ta saya kwana goma kafin ragin ma ta daina amsa gaisuwata. Me zan rubuta da zai nuna sauƙin, bai kuma zubar da darajar kayana ba?

Mai sayar da katifa

'Yar'uwa, ki fara cire wannan fastar yau, kada ki jira sabuwa ta fito. Bango babu komai ya fi miki ita.

Masu tambayar nan ba raina ki suka yi ba, kuma ba su yi laifi ba. Ruwa ba ya tsami banza, haka mai saye ya ɗauki farashi. Idan ya ga an rage, abin da ke fara zuwa ransa shi ne me ya sami kayan, sai daga baya ya yi lissafin abin da zai rage masa. A katifa abin ya fi tsanani, domin kaya ce da ba a ganin cikinta. Mutum yana ganin yadin da aka lulluɓe ta da shi, yana danna ta da hannu, amma ko soson zai lotsa bayan wata takwas, wannan sai an kwana a kai. Duk kayan da ido ba ya iya tantancewa a take, farashi ne ke zama shaidarsa. Ke kuma kin ɗauke wannan shaidar, ba ki ajiye wata a gurbinta ba.

Akwai wani gwaji da aka wallafa a mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, a 2008, wanda nake yawan tunawa idan ana wannan magana. An ba mutum 82 wata ƙwaya aka ce sabon maganin ciwo ne, alhali babu magani a cikinta ko kaɗan. An gaya wa rabinsu kuɗinta dala 2.50, sauran kuma aka ce an rage ta zuwa santi 10, ba a faɗi dalilin ragin ba. Da aka gwada su da ɗan jan lantarki a wuyan hannu, kusan kashi 85 cikin ɗari na rukunin farko suka ce zafin ya ragu, amma a rukunin da aka yi wa ragi kashi 61 ne kawai. Ƙwaya ɗaya ce, jiki ma ya yarda cewa mai arahar ba ta kai ba. Na kawo miki wannan ne don ki san girman abin da kike fama da shi, kada ki zaci wata kalma mai daɗi ita kaɗai za ta kawar da shi. Aikin sabuwar fastarki shi ne ta amsa tambayar "me ya same ta" kafin mutum ya buɗe baki, sannan ta nuna masa kuɗin da zai rage a hannunsa.

Mu fara da kalmomi, tunda a nan ɓarnar ta fi yawa. Ki lura da wanda kowace kalma take siffantawa. "Araha" siffar kaya ce, kuma kowa ya san araha ba ta ado. "Farashin banza" ya fi muni, domin ido yana wucewa da sauri, abin da ke maƙalewa a kai shi ne katifa da banza a layi ɗaya. "Ku hanzarta" kuma yana cewa mai shago na neman kai da kayan. Haka "gwanjo", "garaɓasa", "ta faɗi warwas" da "mun karya farashi" suke. Suna da wurinsu, a ranar da ake son kwashe ragowar kaya a rufe babi, amma ba a kan katifar da za ki ci gaba da sayarwa shekara da shekaru ba.

Kalmomin da kike buƙata su ne masu magana a kan aljihun mai saye ko a kan shawarar da ke kika yanke. "Sabon farashi" yana nuna an zauna an yi lissafi. "Mun rage" yana da mai aikatawa, wato ku ne kuka rage da ganganci, ba kaya ne ya faɗi da kansa ba. "Sauƙi" mutum yake samu, ba kaya ba. "12,000 ta rage a hannunku" ba ta ce komai a kan katifar ba, kuma haka ake so. Ki kwatanta "katifa mai araha" da "katifar da kuka sani, a sabon farashi". Kuɗin ɗaya ne, amma ta farko ta canza sunan kayan, ta biyu ta bar shi yadda yake ta taɓa lambar kawai.

Akwai kuma bambanci tsakanin "rangwame" da "sabon farashi" da ya kamata ki kiyaye. Rangwame na ɗan lokaci ne, yana da ranar ƙarewa, kuma dole a rubuta ranar. Naki ba haka yake ba, kuɗin sarinki ne ya sauka, kuma kina da niyyar zama a kan 68,000. Idan kika kira shi rangwame, za a yi ta jiran ranar da zai ƙare, idan bai ƙare ba a ce dama ƙarya ce. Ki kira shi da sunansa.

Kada ki yi kuskuren da na san zuciyarki za ta raya miki, wato ki rubuta "Ba jabu ba ce" ko "Ba kwantai ba ne". Wanda bai taɓa kawo wannan a ransa ba, ke ce za ki saka masa. Na taɓa tsayawa a gaban wani shagon takalma da aka rubuta irin wannan da manyan baƙaƙe, na ga wani dattijo ya karanta, ya ɗauki takalmin ya juya ƙasansa, ya sa farce yana ɓanɓarar gefen da aka manne, sannan ya ajiye ya wuce. Kafin ya karanta, hannunsa na kan aljihu. Musu ba ya wanke kaya. Abin da ke wanke shi dalili ne da kuma shaidar da mutum zai iya dubawa da kansa.

Dalilinki kuwa mai kyau ne, irin wanda 'yan kasuwa da yawa suke nema ba su samu ba, domin gaskiya ne kuma bai taɓa jikin katifar ba. Kowa ya san dillali yana da nasa kaso, kowa ya gane cewa idan ya fita kuɗi zai ragu. Ki faɗe shi a layi ɗaya: "Yanzu daga masana'anta muke ɗaukowa kai tsaye." Kada ki yi dogon bayani, kada ki zagi dillalai, kada ki ce don tausayin jama'a kika yi. Mai saye ba ya yarda cewa ɗan kasuwa ya yafe ribarsa haka kawai, kuma idan ya ji an ce haka sai ya fara neman inda za a fanshe. Amma idan ya ga inda 12,000 ɗin ta fito, hankalinsa ya kwanta, ya san ba daga cikin soson aka yanke ta ba.

Dalili shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da abin da bai canza ba. A nan ma ki guji kalmomin da kowa ke rubutawa, irin su "mai inganci", "lamba ɗaya", "babu kamarta". Mai jabu ma haka yake rubutawa, don haka ba su raba ki da shi. Ki rubuta abin da ake aunawa: kamfanin da ya yi ta, kauri inci 8, garantin shekara 3. A cikin ukun nan garantin ya fi ƙarfi, domin alkawari ne da zai ci kuɗinki idan kayan ya lalace, kuma mai saye ya san wanda ya rage nagarta ba zai bar garanti yadda yake ba. Idan masana'antar tana rubuta nauyin soso a jikin lambarta, ki saka shi ma, ko da ba kowa zai gane ba. Wanda ya gane zai yi wa na kusa da shi bayani, wanda bai gane ba zai ga cewa ba ki tsoron a bincika.

Yanzu lambobi. Wasu za su ce ki rubuta 68,000 kawai, ki bar tsohon farashi don kada a ce kayan ya faɗi. Ban yarda da wannan ba. Tsohon farashin shi ne ke riƙe da darajar katifar. Idan mutum ya ga 68,000 ita kaɗai, katifar 68,000 ya gani. Idan ya ga 80,000 a gabanta, katifar 80,000 ya gani wadda zai samu a 68,000. Wani babban kamfanin kantuna a Amurka, J.C. Penney, ya gwada cire wannan a 2012, lokacin shugabancin Ron Johnson. Suka daina yawan rangwame da takardun ragi, suka sa farashi mai sauƙi kai tsaye ba tare da wani tsohon farashi da za a kwatanta ba. Cinikinsu ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a wannan shekarar, aka sauke Johnson daga shugabanci a watan Afrilun 2013. Akwai wasu dalilan da suka taru, amma babban darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka shi ne mutane ba sa ganin sauƙi sai an nuna musu abin da aka rage daga gare shi.

Sharaɗin kawai shi ne tsohon farashin ya zama na gaskiya, wanda kika sayar a kansa kwanan nan, rasit ɗinki na nuna haka. Kada wani ya ba ki shawarar ki rubuta 95,000 don ragin ya yi girma. Abokan cinikinki na shekara shida sun san nawa suka biya, kuma mutum ɗaya da ya gano ya isa ya ɓata miki duk fastar. A wasu ƙasashen ma doka ce. A Tarayyar Turai, tun daga 2022, duk mai tallan ragi dole ne tsohon farashin da zai nuna ya zama mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar a kwana 30 kafin ragin. Ko dokar inda kike ba ta ce haka ba, ma'auni ne mai kyau ki riƙe wa kanki. Ki kuma sani cewa "da 80,000" yana tsufa. Bayan mako huɗu zuwa shida, 68,000 ta zama farashinki na yau da kullum, sai ki sauke wannan fastar ki sa wadda ba ta ambaci tsohon ba. Fastar ragi da rana ta ƙoɗar, wadda ta yi wata biyar a bango, ita ma tana cewa kaya sun ƙi tafiya.

Ki sa tsohon farashi a hagu, sabon a dama, ko tsohon a sama sabon a ƙasa. Haka muka koyi ɗebewa tun a makaranta, babbar lamba ce ke fara zuwa, kuma ido yana yin lissafin ba tare da wahala ba. Ki ja siririn layi ɗaya a kan 80,000, yadda za a iya karanta ta sarai. Kada a yi mata ƙaton gicciye ja kamar an soke laifi, ai ita ce shaidarki.

Sai tambayar ko ki ce "kashi 15 cikin ɗari" ko ki ce "12,000". Lissafin ɗaya ne, 12,000 cikin 80,000 kashi 15 ne daidai. Wani malamin harkar talla a makarantar kasuwanci ta Wharton da ke Amurka, Jonah Berger, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi a kan wannan: idan farashin kaya bai kai 100 ba, kaso cikin ɗari ya fi girma a ido, idan ya wuce 100, adadin kuɗin ya fi. Dalilin ba wani asiri ba ne, lambar da ta fi girma ce ke cin ido. A wurinki 12,000 ta fi 15 nesa ba kusa ba. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, domin a inda komai da dubbai ake sayensa, kullum adadin kuɗi za ta zaɓa. Don haka ni ina ƙara wani gwaji: shin mai saye zai iya hango abin da kuɗin nan zai saya masa? Kashi 15 sai an yi lissafi, 12,000 kuwa kuɗi ce da ake riƙewa a hannu. Akwai kuma wani abu da na lura da shi, alamar kaso da manyan lambobi ta zama tambarin shagunan da kullum suke cikin rangwame. Adadin kuɗi ya fi kama da maganar mutum da mutum. Ki zaɓi ɗaya, kada ki sa duka biyun, lamba uku a fasta sun isa.

Ki bar 68,000 a dunƙule yadda take. Za a ce ki mayar da ita 67,999 don a ga kamar sittin da bakwai ce. Dabarar tana aiki a wasu kayan, amma tana da wari, warin shagon araha, kuma tana ɓata ɗebewar, mai saye ya koma lissafin 12,001. Kayan da ake so a ga darajarsu da dunƙulalliyar lamba ake sa musu farashi.

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne, daga sama zuwa ƙasa:

Katifar da kuka sani, a sabon farashi

Da 80,000. Yanzu 68,000.

12,000 ta rage a hannunku.

Yanzu daga masana'anta muke ɗaukowa kai tsaye.

Kamfani ɗaya, kauri inci 8, garantin shekara 3, yadda kuka saba.

Ku shigo ku gwada ta.

Ki duba jerin da kyau, domin ba haka kawai na jera su ba. Kayan ne ya fara zuwa, da darajarsa, kafin a ambaci kuɗi. "Da kuka sani" tana aiki biyu, tana tuna wa tsohon abokin ciniki cewa ita ce dai, tana kuma gaya wa baƙo cewa wasu sun riga sun san ta. Sai lambobi, sai abin da ya rage wa mai saye. A daidai nan ne tambayar "me ya sa" take tasowa a ransa, kuma layin da ke biye shi ne amsarta. Sai shaida, sai gayyata. Na sa "ku" maimakon "ka" ko "ki" don ta haɗa kowa, kuma ta fi ladabi. Babu alamar motsin rai ko ɗaya, ki bar ta haka. Wanda ya yarda da kayansa ba ya ɗaga murya. Na kuma sa "ku gwada ta" a gurbin "ku hanzarta" domin mai ɓoye aibi so yake a saya da sauri, mai gaskiya kuwa so yake a duba. Amma idan kin rubuta haka, ki cika alkawari: ki ajiye guda ɗaya a shimfiɗe, an cire ledar, yadda mutum zai zauna ya ji. Idan masana'antar za ta ba ki ɗan yankin soso wanda ake ganin cikinsa, ki ajiye shi kusa da ita. Gani ya kori ji.

Idan kina da wasu girman katifar da su ma kika rage, kada ki cusa su a tsakiyar fastar, kuma kada ki rubuta "ragi har zuwa kaza". Wannan "har zuwa" ɗin kowa ya san tarko ne. Ki bar fastar a kan katifa ɗaya, wadda aka fi saye, sauran ki yi musu ƙaramar takarda a cikin shago, kowace da tsohon farashinta da sabo.

Game da kamannin fastar, mai bugawa zai so ya cika miki ita da launi, da tauraro mai tartsatsi a bayan farashi, da rubutu iri huɗu. Ki hana shi cikin ladabi. Ja da rawaya tare su ne kayan sawar gwanjo, ido ya riga ya haddace su, kafin a karanta kalma ɗaya an yanke hukunci. Ki zaɓi fari ko wani launi mai sanyi a baya, rubutu mai duhu iri ɗaya, sai launi guda mai haske a kan layin "12,000 ta rage a hannunku" kaɗai. Ki bar fili, kusan kashi ɗaya cikin uku na takardar ya zama babu komai. Cunkoso yana nuna an matsu. Hoton ya zama na ainihin katifarki, an ɗauka da hasken rana, ana ganin kaurinta daga gefe da lambar kamfanin, ba hoton ɗakin otal da aka samo a waya ba. Idan mutum ya shigo ya ga abin da ke ƙasa bai kai na bango ba, zargin ya dawo.

Kada sabon farashin ya zama ƙato ninki uku na tsohon. Wasu masu bincike biyu, Keith Coulter da Robin Coulter, sun nuna a 2005 cewa idan aka rubuta farashin ragi da ƙananan baƙaƙe fiye da tsohon, mutane sun fi jin cewa ya yi ƙasa, domin ƙwaƙwalwa tana haɗa girman rubutu da girman adadi. Ba na cewa ki ƙanƙantar da shi har a kasa gani daga titi. Ki sa su kusan girma ɗaya, sabon ya ɗan fi kauri, shi ke nan.

Girman baƙaƙe kuma da nisa ake auna shi. Masu rubuta alluna suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, kusan santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3. Ki fita ki auna daga inda za ki manna zuwa inda mutane ke wucewa. A ce mita 6 ne, to kan maganar da farashin suna buƙatar haruffa masu tsayin santimita 5. Takardar A2 faɗinta santimita 42 ne, tsayinta kusan 59, don haka a wannan girman harafi goma sha biyu ko kusa da haka ne za su shiga layi ɗaya. Kan maganarki zai ci layi uku: "Katifar da", "kuka sani,", sai "a sabon farashi" da za a ɗan rage masa girma. Dalili da garanti za su iya zama rabin wannan, domin wanda zai karanta su ya riga ya matso. Kafin a buga da yawa, ki sa a fitar da guda ɗaya, ki manna, ki koma inda masu wucewa suke ki duba da idonki. Ki kuma nemi wani da bai san maganar ba ya kalla na daƙiƙa biyar, ki rufe, ki tambaye shi me ya gani. Idan ya ce "katifa ce aka rage wa dubu goma sha biyu", ta yi. Idan ya ce "ana rangwame" kawai, lambobin ba su fito ba. Idan ya ce "kamar suna son rufe shago", a sake.

Bari in koma kan matar da ta daina amsa gaisuwarki, domin ta fi damuna fiye da launin fasta. Tana da hujja. Ta biya 80,000 don ta yarda da ke, bayan kwana goma ta ga an rubuta a bango cewa abin da ta saya na banza ne. Ba kuɗin kaɗai ya yi mata ciwo ba, kalmar ce. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. A 2007 Apple ya rage farashin iPhone daga dala 599 zuwa 399, wata biyu kacal bayan fitowarta, waɗanda suka fara saye suka fusata, har shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta musu wasiƙar ban haƙuri aka ba kowannensu dala 100 ta sayayya a shagunan kamfanin. Ki je wurinta da kanki, kafin sabuwar fastar ta hau bango. Ki gaya mata gaskiya, cewa tata daga tsohon sari ta fito, wanda kika biya da tsada, kuma rubutun da kika yi kuskure ne. Sannan ki ba ta wani abu a hannu. Idan za ki iya mayar mata da 12,000 ɗin, ya fi. Idan ba za ki iya ba, ki ba ta rabi, ko kayan shago da suka kai haka. Ki buɗe littafin rasit ki ga mutum nawa suka saya a kwana 14 kafin ragin, ki yi musu abu ɗaya dukansu, kada wani ya ji an fifita wani. Ba za su yi yawa ba, kuma su ne mutanen da maƙwabta za su tambaya ko katifar ta gaske ce.

Bayan kin manna sabuwar, ki ajiye ɗan littafi a kan tebur na mako biyu, ki riƙa rubuta tambayar farko da kowane mai shigowa ya yi. Wannan ya fi yawan masu shigowa gaya miki gaskiya. Idan har yanzu ana cewa "irin ta da ce kuwa?", layin garanti ya yi ƙanƙanta ko ya yi ƙasa da yawa, ki ɗaga shi. Idan ana cewa "me ya sa kuka rage?", ba a ganin layin dalili. Idan mutane suna shigowa suna taya ta 60,000, akwai abin da ke nuna musu kin matsu, ki duba ko yaran shago suna cewa "ai ma za a rage miki", domin bakinsu ma fasta ne, ki koya musu jimlar dalilin nan su riƙa faɗinta yadda take a rubuce. Amma idan tambayoyin suka koma "akwai mai inci 10?" ko "kuna kaiwa gida?", mutum ya wuce zargi ya shiga ciniki.

Ki haɗa da ɗan lissafi don ki san ko ragin yana biyan kansa. Ban san kuɗin sarinki ba, ki sa naki lambobin, amma a ce da kina ɗaukowa a 64,000 ki sayar 80,000, ribar kowace 16,000 ce. A ce yanzu kina ɗaukowa a 54,000 ki sayar 68,000, riba ta koma 14,000. Katifa bakwai a da suna kawo 112,000, yanzu sai kin sayar da takwas kafin ki kai wannan. Don haka idan a da bakwai kike sayarwa a mako, takwas ce iyakar da ba ki ci ba ba ki faɗi ba, daga tara ne fastar ta fara yi miki aiki. Idan mako huɗu suka wuce kina nan a bakwai, kada ki ƙara rage farashi, ragi na biyu a jere shi ne zai tabbatar wa mutane cewa akwai matsala. Ki koma littafin tambayoyin ki ga wane layi ne bai isar da saƙonsa ba, ki gyara shi kaɗai, ki sake bugawa.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma daidaita tsakaninki da wannan baiwar Allah.